Bayanin ba wa rediyon mota umarni da murya

Ranka ya daɗe Alhaji, ga bayanin da ka ce in rubuta maka a kan sabon rediyon da muka ɗaura wa Camry ɗinka. Ka ajiye shi a cikin mota, direbanka Malam Sani ma ya karanta.

Da farko ka jona wayarka da kebul, ka jira Android Auto ya bayyana a fuskar rediyon. A jikin sitiyari akwai maɓalli mai hoton fuska tana magana. Danna shi ka riƙe har ka ji ƙara 'yar gajera, sannan ka yi magana. Yawancin masu dawo mana da ƙorafi a nan suke kuskure: suna fara magana kafin ƙarar, kalmar farko ta ɓace, ita kuwa ce ke gaya wa na'urar abin da ake so.

Umarnin da Turanci ake bayarwa, kuma gajere ya fi tafiya daidai:

```
Call Sani driver
Navigate to Kantin Kwari market
Send a WhatsApp message to Hajiya
```

Za ka iya cewa "Hey Google" ba tare da ka taɓa komai ba, amma wannan sai mota tana shiru. A cunkoson Kofar Ruwa ko Bata, inda ham ɗin A Daidaita Sahu ba ya tsayawa, ka yi amfani da maɓallin. Da ka danna, na'urar ta san yanzu za a yi mata magana, kuma takan rage sautin rediyo da kanta.

Makirfon mun maƙala shi a jikin abin tare rana na gefen direba, yana fuskantar bakinka. Shi ne kunnen motar gaba ɗaya. Na cikin rediyon ya yi nisa da baki, ga shi kusa da hancin AC, shi ya sa muka sa na waje. Kada a rataya carbi ko takardar inshora a kansa, kada kuma masu wankin mota su juyar da shi. Lokacin hunturu ƙura kan toshe ramukansa, sai a share da busasshen buroshi mai laushi, ban da ruwa.

Babban maƙiyin makirfo iska ce, ta ma fi ƙarar inji illa. Iskar da ke bugunsa kai tsaye takan rufe murya ɗungurungum. Saboda haka kafin ka ba da umarni ka ɗaga gilasan gaba, ka mayar da fankar AC ɗaya ko biyu, ka kawar da hancinta daga sama. Na san da zafin Afrilu wannan ba daɗi, amma daƙiƙa biyar ce kawai. A kan babbar hanya kuma, kamar ta Kano zuwa Zariya, gurnanin taya na ƙaruwa da gudu, don haka adireshi mai tsawo ka faɗe shi tun kafin ka tashi.

Kada ka ɗaga murya. Mutum in ya ji hayaniya yakan yi ihu bai sani ba, ihun kuwa na sauya yadda kalmomi ke fita, sai na'urar ta ƙara rikicewa. Yi magana kamar da wanda ke zaune a gefenka, ba ja, ba sauri, idonka na kan titi. Yara a baya ko mai sauraron karatu a wayarsa, a roƙe su su ɗan dakata, domin rediyon motar kaɗai na'urar ke iya ragewa.

Sunayenmu ne suka fi ba ta wahala. Na saka maka harshen a English (Nigeria), wanda ya fi fahimtar lafazinmu fiye da na Amurka. Duk da haka "Alh. Muh'd Sabo 2" da wuya ya kiru. Waɗanda kake yawan kira ka gyara sunayensu: a cike, ba gajartawa, kowa da abin da ya bambanta shi, kamar "Sani driver" da "Sani Abuja". Idan mutum biyar ne Hajiya a wayarka, sai ta tsaya tambayarka wacce.

In ka ga ta yi shiru ko ta daɗe tana juyawa, yawanci ba hayaniya ba ce. Muryar ta intanet ake turawa a tantance, don haka duba data da sabis. In suna nan lafiya, canja kebul, domin na bakin titi masu araha caji kawai wasunsu ke yi. Idan sau biyu ba ta gane ba, kada ka kai hannu kan waya kana tuƙi, laifi ne a wurin jami'an Road Safety. Ka gangara gefe ka tsaya.

In waɗanda kake kira suka ce suna jin ka can nesa alhali gilasai a rufe suke, to wataƙila filogin makirfon ne ya sassauta a bayan rediyo. Malam Sani ya kawo motar shago, gyaran minti goma ne kuma ba sai an biya ba.

Naka, Auwalu mai wayarin