Tsarin darasi na hissa ɗaya: daga ina ruwan koginmu ke zuwa

Salamu alaikum ƙanwata, ya yara ya maigidan. Kin ce in rubuta miki tsarin darasi na ranar Lahadi amma ba ki faɗa min wace madda ba ce, ba ki ce aji nawa ba, ba ki ce hissar minti nawa ce ba, kuma ban san abin da kuke da shi a makarantar ba bayan allo. Na kira layin ba ya shiga, netwok ɗin ku sai addu'a. Toh tunda gobe Asabar kuma ba zan bar ki ki shiga aji hannu rabbana ba, na yanke da kaina: jugurafiya, aji huɗu na firamare, minti 40, yara wajen 60 masu shekara 9 zuwa 12, dan tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe makarantu, yanzu aji ɗaya zaki ga ƙarami da wanda ya kusa fara gemu a benci guda. Kaya kuwa na ɗauka ba ki da komai sai alli da abin da za ki ɗauko a gida.

Darasin: me ya sa koginmu, Shuɗin Nilu, ke cika kuma ya yi ja a damina, daga ina ruwan yake.

Abin da nake so yaro ya fita da shi uku ne kawai, kar ki ƙara. Ya iya faɗin inda koginmu ya taso da inda ya nufa. Ya iya bayyana da bakinsa abin da ke sa ruwan ja. Ya iya zana kogin a littafinsa da garuruwa huɗu a jere. Idan muwajjih, wato sufeton makarantu, ya zo duba daftarin tahdiri, wato littafin shirin darasi, waɗannan ukun ne za ki rubuta a wajen manufofi, da Larabci.

Kayan da za ki taho da su: buta cike da ruwa, tire biyu na shayi ko tsofaffin farantai masu faɗi, gorar roba guda biyu irin ta ruwan sha wadda ake ganin ciki, a yanke musu kai, toka rabin kwano, igiya doguwa. Sai ƙasa. Da safe kafin tabur, wato taron layin ɗalibai, ki sa yara biyu manya su haƙo miki ƙasa zalla cikin kwano ɗaya, su kuma yanko ƙasa mai ciyawa da saiwarta gaba ɗaya, kamar faɗin tafin hannu biyu, kar su kakkaɓe ta.

Minti 3 na farko sallama ne da zama, alfan aji, wato monita, ya ƙirga miki waɗanda ba su zo ba a takarda, kar ki tsaya kiran suna 60 zai cinye miki kwata na hissar.

Daga minti 3 zuwa 8, tambaya. Kar ki rubuta komai a allo tukuna. Ki ce musu: "Wa ya ga kogi a watan takwas? Wane launi ne?" Za su yi caa, wani ya ce ja wani ya ce kamar shayi da madara. Sai ki ce: "To ran da ba a yi ruwan sama a nan ba ko ɗigo, amma da safe kogi ya ƙaru, wa ya zuba masa ruwan?" Nan ki yi shiru ki bar su. Za a ce Allah ne, ki ce gaskiya ne, to ta wace hanya Allah Ya kawo shi. Wani zai ce daga hazzan, wato madatsar ruwa, wani zai ce daga garin Damazin. Duk amsar da aka bayar ki rubuta ta a gefen allo ba tare da kin ce daidai ko kuskure ba, za ku dawo kansu. Ki yi tambayar da Hausa idan kin ga Larabcin na ɗaure musu harshe, yaran da ke ta surutu a gida sai su zama kurame a aji dan kawai ana jira su haɗa jimla da fus'ha, ni dai ban taɓa ganin amfanin wannan ba. Rubutun allo ne zai zama Larabci.

Daga minti 8 zuwa 18 ki fitar da su tsakar makaranta, ƙarƙashin bishiyar nim, su yi da'ira, ƙanana a gaba a tsugune manya a baya a tsaye. Wannan shi ne zuciyar darasin, ki ba shi haƙƙinsa. Ki tara ƙasar zalla a gefe ɗaya na tire ta yi tudu, ki ɗora mai ciyawar a ɗaya tiren, ki ɗaga bayan kowane tire da bulo ɗaya dan ya karkata. Yaro ɗaya ya riƙe gora a bakin tiren ta ƙasa. Kafin ki zuba ruwa ki tambaya wanne ne ruwansa zai fi datti, su ɗaga hannu, ki ƙirga da ƙarfi. Sai ki kira yarinya, yarinya fa, dan samarin za su yi rububi su ƙwace butar, ta ɗaga butar sama kamar kamu biyu ta zuba a hankali a kan tudun zalla. Za su ga ruwan ya tsaga ƙasar ya yi 'yan hanyoyi, hanyoyin su haɗu su zama ɗaya, ya gangaro cikin gora jajir ko baƙi ƙirin ya danganta da ƙasarku. Ki nuna da yatsa ki ce ga khor, wato rafi, ga wani khor, ga inda suka haɗu suka zama kogi. A zuba daidai wannan ruwan a mai ciyawa, zai fito a hankali kuma da ɗan haske. Ki tambaye su me ya riƙe ƙasar, su da kansu za su ce saiwa. Gorunan biyu a ajiye su a taga kar kowa ya taɓa.

Bayanin da za ki ɗora a kai gajere ne. Tudun nan shi ne tsaunukan Habasha. Can ana ruwan sama mai yawa daga watan shida zuwa watan tara, ruwan ya wanko ƙasar tsaunuka ya zubo cikin kogi, shi ya sa yake cika ya yi ja ko da a nan sama ba ta yi ko hadari ba.

Minti 18 zuwa 26, taswira a ƙasa, kuna nan dai a waje. Dalilin da ya sa ban ce ki zana a allo ba, a allo arewa tana sama, sai yaro ya ga kogi yana hawa sama ya ce ruwa ba ya hawa bango, kuma yana da gaskiya. A ƙasa babu wannan rikicin. Ki tambaye su ina gabas, duk sun san alƙibla da inda rana ke fitowa, daga nan ku fitar da kudu da arewa. Ki zana da'ira da toka ta kudu maso gabas, tafkin Tana kenan, yaro ɗaya ya tsaya ciki a kan bulo dan ya fi kowa tsayi. Ki shimfiɗa igiya daga nan zuwa arewa maso yamma. Yara su tsaya a kan igiyar kowa da sunan gari: Rusairis, Sinja, Mai Wurno, Sinnar, Wad Madani, Khartum. Ki ja wani layin toka daga kudu ya zo ya haɗu da igiyar a Khartum, wannan Farin Nilu ne da ya taso daga yankin tafkin Biktoriya, inda suka haɗu shi ne Mugran. Sai yaro ɗaya ya zama ruwa, ya taka daga Tana yana kiran sunan duk garin da ya wuce, aji na amsawa. A yi sau biyu da yara daban. Lambobi biyu kawai za ki ba su: Tana tana sama da teku da mita kusan 1,800, Khartum kuma ƙasa da mita 400, ruwa kuwa gangare yake bi.

In lokaci ya bari ki ɗora sanda a kan igiyar a Sinnar ki ce ga hazzan, an gama shi a 1925 dan a shayar da gonakin Jazira, na Rusairis kuma a 1966. Yaran Mai Wurno suna jin daɗi idan aka ce musu garin ya girmi hazzan ɗin, kakanninmu sun taho ne tare da Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, amma ki faɗa a jimla ɗaya ki wuce, tarihi hissarsa daban, in kika buɗe wannan ƙofar har a buga jaras ba ki rufe ta ba. Akwai mai wayon da zai ce babansa ya ce yanzu ruwan ba ya ja kamar da. Ki yaba masa, ki ce Habasha ta gina babban hazzan a kan kogin kusa da iyakarmu, an fara tara ruwa a cikinsa a 2020, kuma duk inda aka tsayar da ruwa laka tana kwanciya a ƙasa, za su gani yanzu a gora.

Minti 26 zuwa 33 a koma aji. Ki ɗaga gorar farko ba tare da kin girgiza ba, yashi ya riga ya kwanta a gindi, saman yana nan da duhu dan laka mai laushi tana daɗewa, ki bar ta a taga su sake dubawa bayan fatur, wato hutun karin kumallo. Abin da ya kwanta ɗin nan shi kogi ke bari a bakin gaɓa idan ya janye, inda iyayensu ke shuka tumatir da kubewa da albasa ba taki. Ki rubuta jimla uku a allo su kwafa: kogin ya taso daga tafkin Tana a Habasha, yana cika saboda ruwan saman da ake yi a tsaunukan can, yana haɗuwa da Farin Nilu a Khartum. Sai su zana kogin da garuruwa huɗu. Wanda ba shi da littafi ya zauna da mai shi su yi tare, waɗanda rubutu ya ɓace musu saboda daɗewa a gida zanen kaɗai ya ishe su yau, kar ki tsawata musu gaban ƙannensu.

Minti 33 zuwa 38 ki gwada su. Ki koma amsoshin nan na gefen allo ɗaya bayan ɗaya, aji ya yanke wacce za a bari wacce za a goge, kuma a faɗi dalili. Ki zaɓi yara uku da ba su ɗaga hannu ba ko sau ɗaya: Sinnar da Madani wanne ruwa ke fara isa? Me ya sa ruwan tire mai ciyawa ya fi haske? In biyu cikin uku suka amsa, darasi ya shiga. In ba haka ba hissa ta gaba ki fara da igiyar.

Idan ya zamana hissar minti 30 ce, ki cire maganar hazzan da gwaji na biyu na taka igiya, zanen ya koma aikin gida. In yaran 'yan aji ɗaya ko biyu ne tire da buta kaɗai sun isa, ba lambobi ba shekaru. In kuma manya ne 'yan mutawassiɗa, wato midil, ki ƙara musu kogunan Dindir da Rahad da ke zubowa cikin kogin, da Atbara da ke shiga Nilu can arewa, su kuma kawo dalilin da ya sa fiye da rabin ruwan da ke isa Masar daga koginmu yake.

Minti 2 na ƙarshe aikin gida: kowa ya tambayi wani tsoho a gidansu shekarar da ya taɓa ganin kogi ya fi cika da inda ruwan ya kai, ya zo da amsa a jimla biyu. Ki ja musu kunne sosai cewa ba ki aiki kowa bakin kogi ko tur'a, wato magudanar ban ruwa, ɗebo ruwa ba, ga zurfi ga tsargiya, wanda ya je ya ce Ustaza ce ta aike shi ke za a zo wa gida.