Shafin Ƙarshe na Littafin Bashi

Sati biyu kwalin ya yi a saman durowa Alhaji bai taɓa shi ba. Babbar 'yarsa ce ta sayo na'urar gwajin suga, bayan Hajiya ta tsegunta mata cewa mahaifinta ya koma tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, kuma butar ruwan da ake ajiye masa a gefen gado ba ta kai wa asuba. Shi kuwa cewa yake yi zafi ne da gajiyar kasuwa.

Abin da ya karya masa gardama a rumfa ya faru. Shekararsa ashirin da wani abu yana sayar da yadi, bai taɓa yankan kuskure ba, sai ga shi ranar Laraba lambobin tef sun yi masa dishi-dishi, ya yanka wa wata mata yadi huɗu a maimakon biyar. Yaron rumfa ne ya lura. Da dare Alhaji ya ce wa Hajiya kada a ba shi komai bayan abincin dare sai ruwa, domin takardar da ke cikin kwalin ta ce a yi awa 8 ba a ci ba.

Da sassafe 'yar ta zo. Ta sa shi ya wanke hannu da sabulu ya tsane shi sarai, ta ce ko ɗan danƙon 'ya'yan itace ya rage a yatsa yana iya ɗaga lambar. Ta duba kwanan watan da ke jikin robar tsinkayen gwaji, ta zaro ɗaya ta soka a na'urar, ta mayar da murfin robar ta rufe gam.

"Baba, a gefen yatsa ake hudawa, ba a tsakiya ba. Ya fi rashin zafi."

Ya miƙa mata hannun yana kallon bango. Ƙas! Ɗigon jini ya taru kamar ƙwayar gero, bakin tsinken ya zuƙe shi, na'urar ta fara ƙirgawa da baya. Sai lamba ta tsaya: 168 mg/dL.

"To, mai kyau ne ko marar kyau?"

Ta ɗan yi jim. "Na mai lafiya da bai karya ba, ƙasa da 100 yake. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Daga 126 zuwa sama kuwa, Baba, sai an je asibiti. Wannan na'urar ba ita ke yanke hukunci ba, amma ba a yin biris da ita."

Bai ce uffan ba. Ya tuna da yayansa, wanda ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ma ji ba, gyambon ya ƙi warkewa har aka cire masa yatsu biyu. Hajiya da ke tsaye bakin ƙofa da tiren shayi ta rasa shiga za ta yi ko komawa.

"Hajiya, cokali nawa kike zuba mini?"

"Huɗu, Alhaji. Kai ka ce ƙasa da haka ruwan zafi ne."

"Mayar da shi. A kawo wani ba sukari."

Ya sha rabi yana yamutsa fuska. Sannan ya jawo littafin bashi daga jakarsa, ya buɗe shafin ƙarshe da babu rubutu, ya ja layi uku da biro: rana, lamba, abin da aka ci. Ya rubuta 168.

A asibiti aka ɗebi jini daga jijiya aka sake gwajin, aka ƙara da wani da aka rubuta HbA1c a takarda. Likita ya ce wannan shi ke nuna yadda sugan ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma daga kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama ciwon suga ne. Na Alhaji 7.8 ya nuna. Aka rubuta masa maganin suga mai suna metfomin, a riƙa sha da abinci. Likita ya ce ya nemi lambar safe ta zauna tsakanin 80 da 130, ta bayan cin abinci da awa biyu kuma kada ta kai 180. Ya ce ya duba tafin ƙafarsa kullum kafin ya kwanta, ya kuma je a duba masa ido.

"Likita, yanzu shi ke nan na rabu da shinkafa?"

"A'a, Alhaji. Tulin za ka rage. Rabin faranti ganye, kwata kifi ko wake ko ƙwai, kwata shinkafar."

Maganin bai ba shi wuya ba. Kasuwa ce ta ba shi. A layinsu ba a ƙulla babban ciniki sai an aiki yaro ya kawo lemon kwalba mai sanyi, kuma ƙin karɓa kamar raini ne. Shi kansa yakan sha biyu ko uku kafin a tashi, ban da na karyawa da burodi. 'Yarsa ta karanta masa jikin babbar roba ta rabin lita, ta lissafa masa: sukarin da ke ciki ya haura ƙaramin cokali goma. Ranar farko da maƙwabcinsa mai sayar da zare ya dire masa ɗaya a gaba, sai ya ce cikinsa ne ba daɗi. Rana ta biyu ma haka. A ta uku ya ga ƙaryar ba za ta kai shi ko'ina ba.

"Malam, suga aka ce ina da shi. A bar ni da ruwa."

Mai zare ya riƙe baki. "Subhanallahi! Allah ya sawwaƙe. Ai akwai wani jiƙo da ake..."

"Na gode. Ina kan na asibiti."

Kafin la'asar labari ya zaga layi. Wasu suka zo jaje kamar an yi rasuwa, abin da ya fi komai ɓata masa rai. Amma daga ranar ba wanda ya ƙara kawo masa lemo.

Zaman ma ya canza. Da, daga ya hau benci da safe sai tashi, komai yaro ke ɗaukowa. Yanzu shi yake zuwa sito da ƙafarsa. Bayan abincin rana, wanda Hajiya ke ɗauro masa a kula daga gida, yakan bar wa yaron rumfar ya zaga kasuwa ta baya, ta layin masu ɗinki, ya dawo cikin minti ashirin zuwa talatin. Yaron ya fara koyon ciniki da kansa, har ya iya sallamar mai saye ba tare da ya waiwayi benci ba.

Shafin ƙarshe ya cika, ya koma na gabansa. Lambobin ba su sauka a jere ba: 151, 144, 149, 137. Washegarin wani ɗaurin aure ta koma 172, ya rubuta a gefe, "shinkafa faranti biyu da dare", bai ɓoye wa kansa ba. Gwajin bayan abincin rana ne ya nuna masa abin da ba wanda ya gaya masa dalla-dalla: ranar da ya yi zagaye, lambar takan fi ta ranar da ciniki ya riƙe shi a benci sauka. Tashin dare ya ragu zuwa sau ɗaya. Wata Asabar da safe ya ga 126, ya kira 'yarsa a waya tun ba ta tashi yara ba.

Ranar Litinin yana ninke atamfa mai zare ya leƙo, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Alhaji, wannan abin naka... yana da zafi?"

"Bai kai cizon sauro ba. Me ya faru?"

"Ƙishirwa ce ta dame ni kwana biyu. Ga yawan zagayawa."

Alhaji ya ajiye atamfar. "Yau daga abincin dare kada ka ƙara komai sai ruwa. Gobe kafin mu buɗe zan zo da na'urar, da sabuwar allura taka kai kaɗai, ba a haɗa ta da kowa. In ta nuna sama, ni zan raka ka asibiti."

"Shayin safe ma kada in sha?"

"Shi ma sai an gama."