Jawabin Baba Sani a sunan Nana Hadiza, Maradi

Assalamu alaikum jama'a. Liman, malamai, iyayenmu da ke zaune, barkanku da asuba. Minti 3 aka ba ni, ga masu shayi can suna kallona, to bismillah.

Alhamdulillahi yau kwana 7 da Allah ya sauki 'yarmu Balkisa lafiya, an yanka rago, Liman ya yi addu'a, kun ji sunan da kunnenku: Hadiza. Sunan Inna ke nan, mahaifiyarmu ni da Idi uban jaririya, Allah ya jikan ta da rahama. Gida Ummi za mu ce mata, don cikinmu babu mai iya buɗe baki ya kira sunan nan gatsau.

Waɗanda suka san Inna a Zaria sun san ta da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun kafin kiran assalatu take tashi, hannunta duk ya yi kanta saboda matsar tunkuza, da kuɗin nan ta saya ma Idi littafin lakwal da takalmi, ran da ya ci jarrabawa kuwa ta hana kowa ciniki, ƙuli-ƙulin ranar kaf ta rabar ma yaran unguwa sadaka. Idi, ɗan'uwana, yau ka maido mana da ita gida. Allah ya yi maka albarka, wallahi na ji daɗi har raina.

Balkisa tana ciki ba ta jin mu, amma mata ku kai mata: mun gode, ta sha wahala, daren nan da aka kai ta likita ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mota ta ƙi tashi, maƙwabcinmu Malam Habu ya fito da motarsa ko takalmi babu a ƙafarsa. Malam Habu ɗaga hannu a gan ka mana! Allah ya biya.

Surukanmu na Tasawa, Alhaji, sannunku da hanya, kun ba mu 'ya ta gari kuma ba mu taɓa jin kanmu da ku ba. 'Yan uwa na Jibiya da Katsina da suka tsallako Dan Isa tun jiya, da na Tibiri da Madarunfa, kowa mun gan shi, sunaye ne dai lokaci bai bari in jero ba.

Idi, abu guda zan roƙe ka gaban jama'a. Yarinyar nan ta yi karatu, na allo da na lakwal duka, kar a ce mace ce a cire ta a hanya. Inna ba ta san ko bihim ba amma ta yi ma ku, kai ma ka yi ma mai sunanta.

Allah ya raya Hadiza, ya sa mahaddaciyar Alƙur'ani ce, ya ba uwar lafiyar shayarwa, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a Nijar. Goro da dabino na zagayawa, kar wanda ya tafi bai sha fura ba. Liman, a shafa mana Fatiha.