Jawabin kyaftin bayan karɓar kofin gasar unguwanni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Hakimi, masu unguwanni da dattawanmu, shugabannin kwamitin shirya gasa, iyaye da 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Magariba ta gabato, ba zan tsayar da ku ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana, aka fara lafiya aka tashi lafiya, ba a fita da kowa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ba. Na karɓi kofin nan da hannuna ne don ni ke ɗaure da kambu, amma mu ashirin da biyu aka yi wa rajista, kuma sunan Kurna ne a kansa.

Zan fara da 'yan'uwanmu na Fagge, don sun cancanci a fara da su. Ƙungiya 16 ce ta shiga gasar nan, wasa 6 muka buga, ba wanda ya matse mu kamar yadda kuka matse mu yau. Kun ci ƙuri'a kuka zaɓi gefen da iskar hunturu ke bayanku, kuma kun san amfaninta. Mun shigo da 'yan tsakiya biyu, ku kuka zuba uku, duk ƙwallon da ta faɗo a tsakiyar fili taku ce. Ƙwallon da kuka zura mana a minti na 18 kuwa aiki ne, kowa ya gani. Kun lura cewa a bugun kwana 'yan bayanmu biyu suna rugawa turken kusa tare, sai kuka tura mutum ɗaya ya ja su can, aka aika ƙwallo turken nesa inda lamba 9 ɗinku ke tsaye shi kaɗai. Kuskuren namu ne, ganin naku ne. Kyaftin, ɗan'uwana, lokacin da lamba 3 ɗinmu ya faɗi jijiya ta ɗaure masa ƙafa, kai ka buga ƙwallo waje alhali kuna kan kai hari. Unguwarmu ta gani, ba za ta manta ba. Jama'a, a tafa musu.

Koci, Allah ya saka da alheri. Mutane za su riƙa maganar ƙwallayen da aka ci, mu da muke ciki mun san a hutun rabin lokaci aka ci wasan nan. Abu uku ka faɗa, ba ka ɗaga murya ba. Lamba 10 ya sauko tsakiya mu zama uku da uku. A daina cilla ƙwallo sama, don ko iskar ta koma bayanmu doguwar ƙwallo wuce ɗan gaba take yi ta tafi hannun gola. A ajiye ta ƙasa, fasin gajere, taɓawa biyu a saki. A bugun kwana kuma kowa ya riƙe mutuminsa, lamba 5 shi kaɗai ke da turken kusa. Daga nan har aka busa tashi sun buga kwana huɗu, ba ɗaya da ta kai ga raga.

Abokan wasana. Lamba 6, ba ka ci ƙwallo ko ɗaya a gasar nan ba, kuma ba wanda zai rera sunanka a hanya, amma kai ke toshe gurbin da ɗan baya ya bari duk lokacin da ya hau gaba. In ba ka nan, da an farke mu tun a wasan kusa da na ƙarshe. Lamba 7, a minti na 57 da ka isa layin ƙarshe kana iya bugawa da kanka daga wannan matsattsen lungu, ka ɗaga kai ka mayar da ita baya ga lamba 10, muka rama. Golanmu, fenaritin minti na 71: ka tsaya a kan layi ba ka zaɓi gefe da wuri ba, ka kalli inda ƙafar da ya dasa ta fuskanta, ka bi ta hagu ka ture. Abin da ake maimaita maka kowace Alhamis bayan atisaye ke nan, bugu goma-goma, har kana cewa gwiwar hannunka ta gaji da ƙasa.

Ƙwallon nasara a minti na 83 ma a filin atisaye aka haife ta. Katanga ta tsaya yadi goma tana jiran a buga ta sama, lamba 8 ya tsallake ƙwallon, aka gangara ta gefen katanga, lamba 14 da bai fi minti bakwai da shigowa ba ya same ta. Mun gwada wannan dabara sau biyu a wasannin rukuni ta lalace, don mai gudu yana tashi da wuri a kama shi da satar gida. Yau ya jira sai da aka taɓa ƙwallo. 'Yan benci, ku duba lamba 14 ku san cewa zaman da kuke yi aiki ne. Lamba 2 kuma, da ya yi targaɗe a wasan kusa da na ƙarshe ya zo yau da sanda, lambar yabonsa tana aljihuna.

Alƙalin wasa da masu ɗaga tuta, mun gode. Fenaritin da aka ba su daidai ne, hannu ya taɓa ƙwallo. Na je na tambaya, aka yi mini bayani, na koma na gaya wa yarana kowa ya yi shiru.

Magoya baya, ku ne kuka yi karo-karo aka sayi jesi da ƙwallaye shida. Telan da ya ɗinka lambobi bai karɓi ko kwabo ba. Mai walda ya gyara mana turakun filin atisaye. 'Yan adaidaita sahu sun yi ta jigilarmu wasa shida, kuɗin mai kawai suke karɓa. Iyayenmu mata sun tashe mu sallar Asuba sati takwas, don ƙarfe shida muke fara gudu kafin kowa ya tafi makaranta ko kasuwa ko gareji. Iyayen gidanmu a wurin sana'a sun ba mu izinin fita ran wasa. Masu kalangu, da aka ci mu kiɗanku bai tsaya ba, muna jinsa daga cikin fili. Kuma ba wanda ya jefa ko ledar ruwa ɗaya.

Ranka ya daɗe, roƙo ɗaya gare mu. A garin nan Ahmed Musa ya buga wa Kano Pillars kafin ya tafi Turai, kuma masu neman 'yan wasa suna zuwa kallon irin wannan gasa. Filin da muke atisaye yana da ramuka da tsakuwa, shi ke jawo mana yawan targaɗe. Tifa biyu ta jar ƙasa, a baje a daddaɓe kafin damina, da raga biyu, sun ishe mu.

Matasa, za mu tafi gida da kofi a hankali. Ban da ganganci da babur, ban da goyon mutum uku ko huɗu, ban da tsokana idan mun bi ta Fagge. Za mu fara kai shi ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar Isha.

Koci, bismillah, zo ka kama hannu ɗaya. Lamba 2, a riƙo shi ya matso ya kama ɗayan. Sauran ku taho mu ɗaga. Na gode, wassalamu alaikum.