Zanen tambari, takardar kaya da allon shago a Yamai

Idan kuna sayar da kilishi, man gyaɗa, garin yaji ko turaren wuta, kuma kayanku sun fi ledar da kuke zuba su kyau, aikina shi ne in yi musu tambari da takardar liƙawa waɗanda za su sa mai saye ya gane su daga nesa, ko a Babbar Kasuwa ko a hoton WhatsApp. Ina kuma zana allon shago, katin kasuwanci, takardar jerin abinci da kalandar shekara. Zaman kaina nake yi a unguwar Wadata, saboda haka ba aikin wata nake nema ba. Ciniki nake yi da mai kaya, aiki ɗaya, farashi ɗaya.

Ina rubuta talla da Hausa da Faransanci, kuma ina kula da haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin yawancin salon rubutun da ke cikin kwamfuta ba su da su, shi ya sa ake ganin allunan da ƙugiyar harafi ta ɓace ko aka cike gurbinta da wani harafi dabam. Haka nan launin da ke haske a waya yakan dushe a kan takarda, don haka nake shirya duk abin da za a buga da tsarin CMYK, wato tsarin launukan injin bugawa, in kuma nemi maɗaba'a ta fitar da gwaji guda kafin ku biya kuɗin buga kwafi dubu.

Tambari yana farawa daga jika 40, takardar kaya daga jika 25, allon shago kuwa sai na ga girman bangon. A cikin kuɗin akwai samfuri biyu da za ku zaɓa da gyara sau biyu. Gyara na uku yana da nasa kuɗi, kuma gara in faɗa tun yanzu. Ana biyan rabi kafin alƙalami, hannu da hannu ko ta Nita, sauran kuma ranar miƙa aiki. A ranar za ku karɓi PDF na maɗaba'a, PNG na waya da SVG wanda ake faɗaɗawa har girman allo ba tare da ya lalace ba, kuma zanen ya zama mallakarku. Kuɗin bugawa dabam ne.

Ba na kwaikwayon tambarin wani, ko da an ce a sauya masa launi kawai.

Tambari yakan ɗauki mako guda, amma daga tsakiyar azumi zuwa Sallah aiki yana yin yawa, don haka masu shagon ɗinki da na atamfa su yi magana da wuri. Ku turo hoton kayanku, sunan da kuke so a rubuta da ranar da kuke bukatar aikin, zan mayar muku da farashi a rubuce kafin yammacin washegari.