Injin Markaɗe a Sama

Tun da aka rufe ƙofar jirgin a filin Malam Aminu Kano, Hajjo ta saki idonta ta koma ga kunne. Dama yanar ido ce za ta kai ta Abuja, wajen ɗanta da ya sama mata likita. Shekara 74 tana gane kowa da takunsa, yau ma da ji za ta san inda aka sa ta.

Da farko wani siririn fito ta ji, kamar iskar hunturu ta samu kafar taga. Sai ya yi kauri, ya koma gurnani.

"Ummi, injin markaɗen Malam Sule ne wannan, sai dai an ƙoshar da shi," ta ce wa jikarta.

"Kai Hajjo, a yi shiru mana, mutane na ji."

"Su ji. Su ba kunne gare su ba?"

Jirgin ya tsaya cak, kamar rago mai shirin karo. Can ya saki ruri ya zabura, kujera ta manne mata a baya, tayoyi na ta gwaf-gwaf a kan kwalta. Hajjo ta damƙi hannun Ummi tana "Bismillahi majreha wa mursaha." Sai gwaf-gwaf ɗin ya ɗauke ɗif. Wannan shirun na ƙasa ya fi rurin ba ta tsoro. Ƙarƙashin ƙafarta kuma wani abu ya yi ƙugi, ya rufe ƙum.

"Wani abu ya faɗi!"

"Tayoyi ne suka naɗe."

"To da me za mu sauka, 'yar nema?"

Kunnuwanta suka toshe. Ummi ta ce ta yi hamma, ita kuwa ta ɓare goro ta tauna, suka buɗe fat.

Ana cikin raba ruwa aka ji ƙararrawa, ting. Jirgin ya yi girgiza, ya faɗa kamar an janye masa tabarma. Akwatunan sama suka hau kakkarwa, kofuna na ƙaras-ƙaras, wani Alhaji a baya ya rafka salati, jariri ya callara kuka. Ummi mai ƙaryar ta saba ta yi tsuru-tsuru. Hajjo ta karkata kai, ta kasa kunne. Gurnanin nan na nan yadda yake, bai yi tari ba, bai shaƙe ba.

"Kwantar da hankalinki," ta ce. "Injin lafiyarsa lau. Hanyar ce ba kyau, irin ta garinmu da damina."

Ba su cika awa ɗaya ba muryar injin ta sassauta. Fukafukai suka yi ƙiii, ƙum ɗin nan ya dawo, iska ta shiga huci a ƙasa.

"Ga tayoyinki nan, kishiya," Hajjo ta ce, tun kafin Ummi ta buɗe baki.

Dum! Ƙasa ta karɓe su. Injin ya yi wani ruri na ƙarshe kamar ana zazzage tsakuwa, sannan ya lafa. Ko'ina sai ƙas-ƙas na kwance bel da kukan wayoyi.

Hajjo ta gyara mayafi, ta laluba jakarta.

"Kira babanki. Ki ce idan an gama aikin idon, a jirgi zan koma. Kuma kujerar taga nake so."