Yadda ake shirya ƙarar ƙaramin bashi a kotu: misali daga Tawa

Mai shagon hatsi a babbar kasuwar Tawa ya ba wani ɗan kasuwa da ke zaune a Ilela shinkafa buhu 20 bashi, kowane buhu jika 15, jimilla sefa 300.000. An biya shi jika 50 sau biyu, saura 200.000, kuma ranar alkawari ta wuce da wata huɗu. Da wannan misali za mu bi matakan.

Mataki na farko: tattara hujja. Ka'idar ita ce wanda ya ce yana bin bashi shi zai kawo shaida, wanda ya ce ya biya shi ma ya nuna. Mai shagon zai fito da shafin littafinsa inda aka rubuta buhunan, da resin kamfanin aika kuɗi na biyan nan biyu, da saƙonnin waya inda mutumin ke cewa a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata. Resin biya yana da ƙarfi, domin ba wanda ke rage bashin da babu shi. Tsakanin ƴan kasuwa, dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ta yarda a kafa hujja ta kowace hanya, har da shaidu, saboda haka a riƙe sunan direban da ya kai kayan da ɗan dakon da ya sauke su.

Abin da ya fi duka shi ne takardar amsa bashi. In har mutumin yana ɗaukar waya, a zauna da shi ya sa hannu: sunansa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, adadin kuɗin da lamba da kuma haruffa, dalilin bashin, da ranar biya. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa gaban shaidu biyu. Takardar da ta ce "zan biya in Allah ya hore" matsala ce, don ba ta tsai da rana ba, kuma a nan mai ƙi zai laɓe.

Mataki na biyu: duba lokaci. Bashin kasuwanci yana mutuwa a idon doka bayan shekara 5, amma cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, irin na misalinmu, shekara 2 ne kawai. Kunya da "ai ɗan uwa ne" sun cinye haƙƙin mutane da yawa ta wannan ƙofa. Amsa bashi daga wanda ake bi, ko shigar da ƙara, su ne ke sa ƙidayar ta koma farko. Yawan kiran waya ba ya tsai da ita.

Mataki na uku: sulhu da gargaɗi. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sasanta mutane a rigimar al'ada, da ta dukiya, da ta ciniki. A je wurin mai unguwa ko hakimi, amma a fito da takardar sulhu ko ta rashin sulhu, da sa hannu da hatimi. In bai yi ba, a aika wasiƙar gargaɗi gajera:

"Malam, ina tunatar da kai cewa daga cikin sefa 300.000 na shinkafa buhu 20 da ka karɓa a shagona, ka biya 100.000, saura 200.000. Ina ba ka kwana 8 daga ranar da ka karɓi wannan takarda ka biya. In ba haka ba, zan kai maganar kotu."

A yi kwafi biyu, ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya, a riƙe ta. In ya ƙi karɓa, wisiye, wato mai isar da takardun shari'a da zartar da hukunci, shi ne zai kai masa, ya rubuta amsar da ya bayar. Kada a ruga komisariya ko jandarma: rashin biyan bashi kaɗai maganar dukiya ce, kuma alkawarin da aka yi a can don tsoro yakan warware da an fito.

Mataki na huɗu: wace kotu? Ana bin wanda ake ƙara zuwa inda yake zaune. Mai shagon Tawa kotun Ilela zai nufa, ko da yake ta garinsa ta fi masa kusa. Ƙarar da aka shigar inda bai dace ba korarta ake yi, kuɗin da aka kashe kuma ya tafi. Ofishin girefiye, wato magatakardan kotu, shi ke faɗin ko adadin kuɗin yana cikin hurumin kotun, da abin da za a biya na tambur da rajista. Duk abin da aka biya a karɓi resi.

Mataki na biyar: zaɓen hanya. Ga bashi irin wannan, gajeriyar hanya ita ce neman umarnin biya, bisa dokar OHADA ta 1998 da aka sabunta a 2023. Sharuɗɗanta huɗu ne: bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biyansa ya yi, kuma ya samo asali daga yarjejeniya, kamar ciniki ko rance. Diyyar ɓarnar dabbobi a gona ko ta haɗarin babur ba ta bin nan, tunda alƙali ne zai ƙiyasta ta a zaman shari'a.

Takardar nema zuwa ga shugaban kotu da Faransanci ake rubuta ta, don haka a samu wanda ya iya, a kuma sa ya karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu. Dole ta ƙunshi cikakken suna, sana'a da mazaunin kowane ɓangare, da lissafi dalla-dalla: 20 sau 15.000, a cire 50.000 sau biyu tare da ranakunsu, saura 200.000. Sai dalilin bashin. A haɗa da hujjojin, na asali ko kwafin da aka tabbatar a ma'aikatar magajin gari, kowace da lambarta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kumbura kuɗi: a zuba kuɗin mota da ɓacin rai a ce 280.000, ko a manta da abin da aka riga aka biya. Da zarar ɗayan ya fito da resinsa, alƙali zai fara shakkar sauran maganarka.

Bayan alƙali ya sa hannu, wa'adi uku za a rubuta a bangon shago. Wisiye ya isar da umarnin ga wanda ake bi cikin wata 3, in ba haka ba ya zama banza. Shi kuma yana da kwana 10 ya yi jayayya. Tsohuwar doka kwana 15 ta bayar, wasu har yanzu ita suke ƙidayawa. In bai yi ba, cikin wata 2 ka koma wurin girefiye a buga hatimin zartarwa. In ya yi jayayya, za a fara da gwada sulhu a kotu, sannan shari'a, kuma nauyin hujja yana kanka. Ka zo da wuri, da takardun asali da shaidunka. Idan alƙali ya ƙi takardar neman tun farko, ba a ɗaukaka ƙara a kai, amma hanyar sammaci ta yau da kullum tana buɗe.

Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011, a babbar kotun Tawa. Shawara kyauta ce.

Saura karɓar kuɗin. Da hatimin zartarwa a hannu, wisiye zai ba wanda ake bi wa'adin biya na aƙalla kwana 8 kafin ya kama kaya, kuma bayan kamun yana da wata 1 ya sayar da su da kansa ya biya. Alƙali na iya ba shi sassauci ko ya rarraba masa biyan, amma ba fiye da shekara 1 ba. Kuɗin wisiye kai za ka fara fitarwa, daga baya a ɗora su kan wanda ake bi. Saboda haka tun kafin a sayi tambur na farko, a bincika ko mutumin yana da shago, babur, dabbobi ko asusun banki da sunansa, a kuma rubuta wa wisiye inda suke.